Aika kuɗi gida: Lissafin da hoton waya ke ɓoyewa tsakanin Jidda da Dodoru

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta samu wurin zama a gidajen da ke da ɗa ko ƙane a ƙasar waje. Idan wata ya ƙare, mai aiken kan buɗe manhajojin tura kuɗi biyu ko uku, ya ɗauki hoton abin da kowace ta nuna a fuskar wayarsa, ya turo wa ɗan'uwansa da ke birni, wanda yawanci ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, ya ce a duba masa wadda ta fi sauƙi. Shi kuwa na birnin sai idonsa ya faɗa kan abu ɗaya daga cikin biyu: ko farashin canjin da ya fi girma, ko kuma inda aka rubuta cewa ba a karɓar kuɗin aiki. Dukansu biyun suna iya yaudarar mutum. Adadin da ya kamata a nema shi ne yawan nairar da za ta shiga hannun dattijon da ke Dodoru a ƙaramar hukumar Gwandu, idan aka gwada ta da dukkan abin da ya fita daga aljihun mai aiken. Wannan adadi kuwa ba kasafai yake fitowa fili a hoton ba, sai an yi ɗan lissafi.

Abin da ya sauya tun 2023

Kwatanta manhajoji ya ƙara muhimmanci ne saboda wasu matakai da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ɗauka a jere. A ranar 14 ga Yunin 2023 bankin ya haɗe kasuwannin canjin gwamnati wuri guda, ya bar farashin naira ya riƙa motsi gwargwadon saye da sayarwa. Daga baya ya ɗaure kamfanonin tura kuɗi da sharaɗin kada farashinsu ya yi sama ko ƙasa da na kasuwar hukuma da fiye da kashi 2.5 cikin ɗari, sai kuma a ranar 31 ga Janairun 2024 ya cire wannan takunkumi. Tun daga lokacin kowane kamfani yana yanka nasa farashin, kuma tazarar da ke tsakanin manhaja da manhaja ta zama wurin da ake cin riba ko a tafka asara.

A wannan lokacin ne kuma bankin ya fitar da sababbin ƙa'idojin da suka ce duk kuɗin da aka turo Najeriya ta hannun waɗannan kamfanoni da naira za a biya mai karɓa. Kafin nan, tun daga ƙarshen 2020, mutum yana iya karɓar dalarsa a banki ya nufi Wapa a Kano, ko wurin ɗan canjin da ya saba da shi a Birnin Kebbi, ya yi ciniki da bakinsa. Yanzu cinikin yana ƙarewa ne tun a wayar mai aike, a daidai lokacin da ya danna amincewa. Wanda ke gida ba shi da sauran ta cewa. Ƙa'idojin sun ƙara da cewa abin da ya haura kwatankwacin dala 200 ba za a miƙa shi tsaba ba, sai dai ta asusun banki.

Ba ƙaramar dukiya ake magana a kai ba. Abin da 'yan Najeriya mazauna waje ke aikowa gida yana kai wa kusan dala biliyan 20 a shekara. Bankin Duniya, wanda ke bibiyar tsadar aike, ya daɗe yana nuna cewa ƙasashen Afirka kudu da Sahara ne suka fi ko'ina tsada, inda tura dala 200 kan lashe kusan kashi 8 cikin ɗari, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko da shi ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Abin lura shi ne yadda Bankin Duniya ke ƙirga tsadar. Yana haɗa kuɗin aikin da aka bayyana da kuma ribar da aka cusa a cikin farashin canji. Wannan hanyar ce ya kamata mai duba hoto ya bi.

Kuɗin aiki biyu ne, ɗaya a fili ɗaya a ɓoye

Kowane kamfanin tura kuɗi yana da ƙofofi biyu na samu. Ta farko ita ce cajin da yake rubutawa ɓaro-ɓaro. Ta biyu ita ce bambancin da ke tsakanin farashin da shi yake samun naira a kasuwa da wanda yake ba abokin hulɗarsa. Duk ɗan kasuwar hatsi ya san irin wannan. Wani dillali yana karɓar la'adarsa a gaban kowa ya auna maka da cikakken kwano, wani kuma ya ce ya yafe la'ada amma kwanonsa ya ɗan gaza. Wanda zai sayi tiya biyu da wanda zai sayi buhu goma ba dillali ɗaya ne zai fi musu sauƙi ba.

Domin gane girman ribar da aka ɓoye, sai an san farashin kasuwa na wannan rana. CBN yana wallafa farashin dala na kasuwar hukuma a shafinsa. Ga wanda ke Saudiyya lissafin yana da sauƙi, domin tun 1986 an ɗaure riyal da dala a kan riyal 3.75 kowace dala ɗaya. Idan aka raba farashin dala da 3.75 an samu farashin riyal. Haka ma sefar Nijar take ɗaure da yuro, a kan sefa 655.957, don haka wanda ke aikowa daga Yamai ko Gaya farashin yuro zai duba ya san inda ya tsaya.

Misali: riyal dubu daga Jidda

Bari mu ɗauki misali da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin lissafi, ba farashin wata rana takamaimai ba. A ce wani matashi yana aikin tuƙi a Jidda, yana da riyal 1,000 cif da zai aiko wa mahaifinsa a Dodoru don sayen taki da biyan 'yan ƙwadago. A ce a ranar dala tana naira 1,500, wato riyal ɗaya naira 400 ke nan. Da babu mai cin ko sisi a hanya, da naira 400,000 za ta iso. Wannan shi ne ma'aunin da za a gwada sauran da shi. Ya turo wa wansa, malamin makaranta a Kalgo, hotuna uku.

Hoton farko ya nuna babu kuɗin aiki, farashi naira 386. Riyal 1,000 za ta zama naira 386,000. Abin da ya salwanta a hanya naira 14,000 ne, wato kashi 3.5 cikin ɗari, duk da an rubuta kyauta.

Hoto na biyu ya nuna farashi naira 397, kuɗin aiki riyal 15. A Saudiyya ana ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari a kan irin wannan caji, don haka abin da za a cire riyal 17.25 ne. Tunda riyal 1,000 kawai yake da ita, abin da za a canza shi ne riyal 982.75, wanda ya ba da kimanin naira 390,150. Asarar ta tsaya a naira 9,850, kusan kashi 2.5 cikin ɗari. Manhajar da ke karɓar kuɗin aiki ta fi ta kyautar da naira 4,150.

Hoto na uku ya fi ɗaukar ido: farashi naira 402, sama da na kasuwa ma, kuɗin aiki da haraji riyal 5.75. Abin da zai iso kimanin naira 399,700 ne. Duk lokacin da kamfani ya ba da farashin da ya zarce na kasuwa, akwai dalili, kuma galibi ana samunsa a ƙananan rubutu can ƙasa: garaɓasa ce ta sabon abokin hulɗa, aike na farko kaɗai, wani lokaci ma har da iyakar adadin da za ta shafa. Idan matashin bai taɓa amfani da manhajar ba, babu laifi ya ci wannan garaɓasar sau ɗaya. Amma a ce farashinta na yau da kullum naira 388 ne. A wata mai zuwa riyal 1,000 za ta ba da kimanin naira 385,770, wato ta koma ta ƙarshe a cikin ukun. Kamfanonin sun san cewa wanda ya riga ya sha wahalar rajista da tura hoton katin zama ba ya son sake wata, don haka da yawa suna maƙalewa a inda aka tarbe su da fara'a.

Tarkon jimillar da ba ɗaya ba

Akwai kuskuren da ya fi kowane yawa a irin wannan kwatanci. Wasu manhajoji suna cire kuɗin aiki daga cikin abin da aka rubuta, wasu kuma suna ɗora shi a kai. Manhaja ta biyu tana iya nuna cewa an tura riyal 1,000, za a karɓi naira 397,000, sai can ƙasa ta rubuta cewa jimillar abin da za a biya riyal 1,017.25 ce. Wanda ya ajiye 397,000 kusa da 386,000 zai zaci tazarar naira 11,000 ce, alhali a ɗaya an kashe riyal 17.25 fiye da ɗayar.

Maganin wannan shi ne rabawa guda ɗaya. A ɗauki nairar da za a karɓa, a raba ta da jimillar abin da za a biya. A manhajojin da ke aiki da Turanci layukan biyu sukan zo da suna irin su They receive da Total to pay. A misalinmu, 397,000 a raba da 1,017.25 ya ba da naira 390 da 'yan kwabbai. Wannan ne farashin gaskiya na manhaja ta biyu, ba 397 ba. Na ta farko yana nan a 386. Da zarar kowane hoto ya koma adadi ɗaya irin wannan, ana iya jera su a ga na gaba ba tare da gardama ba. Idan hoton da aka turo bai nuna jimillar biya ba, to an ɗauke shi ne tun kafin a kai shafin ƙarshe, kuma ba shi da amfani. Shafin da ake so shi ne wanda ke gab da maɓallin amincewa.

Yawan kuɗin yana sauya amsa

Wanda ya gano cewa manhaja ta biyu ta fi a riyal 1,000 kada ya ɗauka ta fi ke nan har abada. Kuɗin aiki tsayayye ne, ba ya la'akari da yawan abin da aka tura, ita kuwa ribar da ke cikin farashi tana girma tare da kuɗin. Idan matashin riyal 200 kawai zai aiko don kuɗin magani, manhaja ta farko za ta ba da naira 77,200, ta biyu kuma kimanin naira 72,550. A nan ta kyautar ce ta yi gaba da naira 4,650. Idan kuma riyal 3,000 ce don ragon layya da ɗinkin yara, ta farko za ta ba da naira 1,158,000, ta biyu kimanin naira 1,184,150, tazarar da ta haura naira 26,000.

A wannan misali mahaɗar tana wajen riyal 620. Ƙasa da haka mara caji ta fi, sama da haka mai kyakkyawan farashi ta fi. Kowace manhaja biyu suna da irin wannan mahaɗa, kuma wanda ke aike duk wata yana da kyau ya san tasa. Daga nan ne kuma za a ga illar yayyanka aike. Wanda ya tura riyal 250 sau huɗu ta manhaja ta biyu ya biya riyal 69 kuɗin aiki a maimakon 17.25. Haka nan, hoton da wani aboki ya ɗauka yana tura riyal 3,000 ba hujja ba ce ga mai tura 200, balle hoton wanda ke Birtaniya yana tura fam ta LemFi ko Sendwave ko Remitly, domin kowace ƙasa da kamfanonin da ke aiki a cikinta da kuma farashinsu. Na Saudiyya zai fi cin karo da Enjaz da Tahweel Al Rajhi da urpay da Western Union.

Hoto yana tsufa da wuri

Hoton waya shaidar daƙiƙa ɗaya ce. A watannin farko na 2024 an ga dala ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage cikin Fabrairu, sannan ta sauko kusa da 1,100 cikin Afrilu. A irin wannan yanayi farashin safe daban yake da na la'asar, kuma wanda ya gwada hoton jiya da na yau motsin kasuwa ya auna, ba bambancin kamfanoni ba. Ko a lokacin da naira ta natsu, kamfanoni suna sabunta farashi a lokuta mabambanta. Don haka a ɗauki dukkan hotunan a zama ɗaya, cikin 'yan mintoci, da adadi ɗaya, da hanyar biya ɗaya, da hanyar karɓa ɗaya. Biya da katin bashi yakan fi biya daga asusu tsada, kuma manhaja ɗaya tana iya ba da farashi daban ga aiken gaggawa da wanda zai kwana. A bar agogon da ke saman waya ya fito a hoton. A kuma duba ko an kulle farashin daga lokacin biya, ko kuwa sai ranar da kuɗin ya isa za a ƙididdige.

Wani abin kiyayewa shi ne abin da hoton ke tonawa. Kafin a tura shi ga kowa a rufe lambar asusu da cikakken sunan mai karɓa, musamman ma lambar shaidar aike, wadda mazambata ke nema ido rufe. Hoton da baƙo ya turo yana tallata farashin da ya fi na kowa kuwa ba abin dogaro ba ne, domin gyara adadi a hoto ba ya ɗaukar minti ɗaya. Farashin da mutum bai gani a wayarsa da idonsa ba, bai gan shi ba.

Zangon ƙarshe: daga asusu zuwa hannu

Manhaja tana ɗauka aikinta ya ƙare da zarar naira ta shiga asusu. Ga mutumin Dodoru kuwa da sauran tafiya, kuma a nan ne ribar da aka sha wahalar nemowa kan zube. Riyal 1,000 ta kai kusan dala 267, ta haura iyakar dala 200, wato riyal 750, don haka dole ta bi ta asusu. Sai a tambaya: wane irin asusu dattijon yake da shi? A tsarin CBN asusu hawa uku ne. Na matakin farko, wanda ake buɗewa da 'yan bayanai kaɗan, ba a yarda abin da ke cikinsa ya wuce naira 300,000 ba, na mataki na biyu naira 500,000, na ukun ne ba shi da wannan iyaka. Naira 390,150 ba za ta zauna a asusun matakin farko ba. Ko dai aiken ya koma, ko a riƙe kuɗin har sai an ɗaga darajar asusun, kuma idan ya koma sai an sake turawa a farashin wata ranar. Haka yake faruwa idan sunan da aka rubuta ya saɓa da wanda ke kan BVN, abin da ya zama ruwan dare a inda mutum ɗaya ake kiransa Muhammadu a gida, Mamman a kasuwa, a katinsa kuma an rubuta wani abu daban.

Bayan wannan sai cire kuɗin. A ƙauye mai POS ne banki, kuma cajinsa yana hawa a ranar kasuwa ko lokacin ƙarancin tsaba. A ce yana karɓar naira 200 a kan kowace dubu goma. Cire naira 390,000 zai ci naira 7,800, kusan ninki biyu na naira 4,150 da aka tsira da ita wajen zaɓen manhaja. Zuwa banki a gari ma yana da kuɗin mota da ɓata yini, kuma tun daga 1 ga Maris na 2025 cire kuɗi a na'urar bankin da ba naka ba yana cin naira 100 a kan kowace naira 20,000, ban da ƙarin da ake ɗorawa idan na'urar ba a harabar banki take ba. Abin da ya fi sauƙi sau da yawa shi ne kada a cire duka. Idan kuɗin na taki ne, a tura wa dilan takin kai tsaye daga asusu, a cire na 'yan ƙwadago kaɗai. A nan ne ɗan'uwan da ke birni yake da amfani fiye da duba hoto, domin shi ne mai cikakken asusu, shi ne kuma ya san dila.

Ɗan canji da manhaja

Har yanzu mutane da yawa suna bin tsohuwar hanya: a ba wani riyal a Makka ko Jidda, abokin hulɗarsa ya biya naira a gida. Ita ma da ma'auni ɗaya za a auna ta, wato nairar da ta iso a raba da riyal ɗin da aka bayar. A shekarun da tazarar farashin gwamnati da na bayan fage take da faɗi, wannan hanya ta fi ta hukuma nesa ba kusa ba. Tun da tazarar ta matse, abin da take fin manhaja da shi ya ragu ƙwarai, amma haɗarinta yana nan: babu rasit da za a kai ƙara da shi, hukumomin ƙasashen da ake aikowa suna hukunta tura kuɗi ba da lasisi ba, kuma idan nairar da aka biya ka ta fito daga asusun da ake bincike a kansa, naka asusun ma ana iya rufe shi. Ribar naira uku ko huɗu a kan riyal ba ta kai wannan ba.

Abin da ya rage ga hukuma

Bai kamata a ce sai mai aike ya zauna da na'urar lissafi kafin ya san abin da aka caje shi ba. CBN, wanda shi ke ba kamfanonin lasisi, yana da ikon sharɗanta musu su nuna a shafin amincewa farashin kasuwa na wannan lokacin kusa da nasu, da jimillar tsadar aiken a kaso cikin ɗari. Idan aka yi haka kalmar kyauta za ta daina aiki a kan wanda ake cirar masa kashi 3.5, kuma gasar za ta koma kan farashin gaskiya. Kafin a kai can, nauyin yana kan iyalai. A misalin da muka bi, tazarar manhaja ta farko da ta biyu naira 4,150 ce a wata, kusan naira 50,000 a shekara, ga kuma abin da mai POS ke ɗauka wanda ya fi haka. A gidan manomi a Dodoru wannan kuɗin buhun taki ne ko abin da ya yi kusa da shi, kuma abin da ake buƙata don tsare shi bai wuce hotuna uku da aka ɗauka a zama ɗaya, da rabawa ɗaya, da tambayar irin asusun da Baba yake da shi ba.